Yadda Ɗan Kasuwa Zai Gane Lokacin Fara Karɓar Transfa da Kuɗin Waya Ya Yi

Mai saye ya zaɓi kaya, an yi ciniki an daidaita, sai ya ce, "Ba ni da tsabar kuɗi, ba ni lambar akawun in tura maka." Idan ka ce kai sai kuɗi a hannu, zai ce bari ya je ya ciro ya dawo. Wani ya dawo, wani kuma shi ke nan, ya saya a rumfar gaba. Mafi yawan 'yan kasuwa daga irin wannan ne suke fara tunanin karɓar transfa, amma sai su yanke shawara da haushin ciniki ɗaya da ya kuɓuce, ko kuma da tsoron labarin wani da aka damfara da alat na bogi. Duka biyun ba su isa hujja ba. Lissafi ne zai raba gardama, kuma lissafi ne da kowa zai iya yi da biro da littafin ciniki.

Mataki na farko: ƙirga waɗanda suka tafi ba su dawo ba

Kafin ka buɗe wani asusu, ware mako biyu kana rubutu. A bayan littafinka ja layi uku. Duk wanda ya nemi biya ta waya ko ta banki, sa masa alama a layin farko tare da kuɗin kayan da ya so saya. Idan ya je ya ciro kuɗi ya dawo, maida shi layi na biyu. Idan rana ta faɗi bai dawo ba, ya shiga layi na uku. Idan kana da yaron shago, shi ma ya riƙa rubutawa in ba ka nan.

Layi na uku shi ne asararka ta gaskiya. Mutane da yawa suna kuskure a nan, suna ƙirga duk wanda ya tambaya a matsayin cinikin da ya ɓace, alhali wanda ya dawo da kuɗi a hannu ba ka rasa komai a kansa ba. Kuma ka tabbata makonnin biyu sun haɗa da ranakun cunkoso da ranakun da kasuwa ta yi sanyi. Idan ka ƙirga a makon da albashi ya shiga kaɗai, adadin zai kumbura ya ruɗe ka.

Ka lura da girman cinikin da ke kuɓucewa. Sau da yawa masu neman transfa su ne masu sayen kaya da yawa, domin mutum yana yawo da kuɗin ƙananan buƙatu a aljihu amma ba ya yawo da kuɗin babban sayayya. Mutum biyar da suka tafi da babban ciniki sun fi ashirin masu sayen abu ɗaya ciwo.

Mataki na biyu: gano cajin, tun daga shigar kuɗi har fitarsu

Kuɗin waya da transfa ta banki ba abu ɗaya ba ne, kuma yana da kyau ka san bambancin kafin ka yi tambaya. A tsarin kuɗin waya, irin M-Pesa da kamfanin Safaricom ya fara a Kenya a 2007, lambar wayarka ita ce asusunka, kana sa kuɗi kana cirewa a wurin wakili, kuma ƙaramar waya mai maɓalli ta wadatar. Transfa ta banki kuwa daga asusun banki take tafiya zuwa wani asusun, ta manhaja ko ta lambobin USSD. Wanda za ka zaɓa shi ne wanda masu sayenka suka fi ambata a makonnin da ka yi kana rubutu. Asusun da ya fi arha amma babu mai amfani da shi a kasuwarku ba shi da amfani a wurinka.

Je ka yi tambaya huɗu, kuma ka nemi amsar da lambobi. Nawa ake cire mini idan kuɗi suka shigo? Nawa ake cire mini idan na tura wa wani, musamman wanda ke wani banki ko wani kamfani? Nawa ne cajin cire tsabar kuɗi? Akwai wani caji na wata, ko kuɗin saƙon alat, ko harajin gwamnati? Tambaya ta uku kar ka tsaya ga abin da ke rubuce a takardar kamfani. Tambayi wakilin da ke kusa da rumfarka abin da yake karɓa da gaske, domin wurinsa za ka je, kuma a ranar da tsabar kuɗi ta yi wuya yakan ƙara.

Cajin nan yana canzawa, don haka ka riƙa sake dubawa. Ghana ta sa harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi ta waya a 2022, ta rage shi zuwa kashi 1 a 2023, sannan ta soke shi a 2025. Ɗan kasuwar da ya yi lissafinsa sau ɗaya ya rufe littafi, cikin waɗannan shekaru uku da lissafin nasa ya tashi aiki sau uku.

Yanzu ga inda nake son ka tsaya ka natsu. Ana cire caji ne daga kuɗin ciniki gaba ɗaya, amma kai daga ribarka kake biyansa. Kashi 1.5 cikin ɗari kamar ba komai ba ne. Ga mai cin ribar kashi 20, hakan ne, abu kaɗan ne. Ga mai sayar da kayan da ribarsu kashi 4 ce kacal, wanda yawan juyawa ne ke riƙe da shi, wannan cajin ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na ribarsa. Shi ya sa maƙwabta biyu a layi ɗaya za su iya samun amsa daban, kuma kowannensu yana da gaskiya.

Mataki na uku: tambayi wanda kake saro kaya a wurinsa

A ganina wannan tambayar ce ta fi yanke hukunci, kuma ita ce aka fi mantawa. Kuɗin da suka shigo maka ta waya, ina za su tafi? Mafi yawansu ba naka ba ne na kashewa, uwar kuɗi ce da za ta koma sari. Idan dilanka yana karɓar transfa, kuɗin za su shigo ta waya su fita ta waya, ba ka biya cajin cirewa ba, ba ka ɗauki jakar kuɗi ka hau mota ba. Idan kuwa shi sai tsaba, to duk abin da ka karɓa sai ka ciro shi, ka biya caji, ka bi layi, wani lokaci ka tarar wakili ba shi da isassun kuɗi a ranar da kake son tafiya sari.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Lambobin na misali ne, ka sa kuɗin ƙasarku da cajin wurinku a gurbinsu.

Wata mai sayar da takalma tana cinikin kusan 100,000 a yini, ribarta kashi 15 cikin ɗari. A ranakun kasuwa 12 ta ƙirga mutum 30 da suka nemi yin transfa. Mutum 18 sun ciro kuɗi sun dawo, 12 ba su dawo ba. Matsakaicin abin da kowannensu ya so saya 5,000 ne. Ke nan cinikin 60,000 ya kuɓuce, ribar da ke cikinsa 9,000. Wannan 9,000 ita ce abin da za ta samu idan ta fara karɓa, ba 60,000 ba.

Sai ɓangaren abin da za ta biya. Ranar da ta liƙa lambar asusu a gaban rumfa, ba waɗancan 12 kaɗai ne za su tura ba. Su 18 ɗin ma za su daina zuwa ciro kuɗi, kuma wasu da ke da tsaba a aljihu za su gwammace su riƙe abarsu su yi transfa. A ce cikin cinikin kwana 12, wanda yanzu ya kai 1,260,000, kusan 500,000 ya koma ta waya. A ce karɓa kyauta ne, cirewa kuma kashi 1.5 cikin ɗari, data da cajin waya da kuɗin alat sun ci 1,000.

Idan dilanta ba ya karɓar transfa, dole ta cire 500,000 ɗin duka. Caji 7,500, a haɗa da 1,000, ya zama 8,500. Ta samu 9,000 ta biya 8,500, saura 500 a kwana 12, ga wahalar bin wakili ga haɗarin damfara. A wannan hali ban ga abin gaggawa ba.

Idan dilan yana karɓa, sai ta tura masa 400,000 kai tsaye, a ce cajin turawar ya ci 500. Ta cire 100,000 kawai don hidimar yau da kullum, caji 1,500. Da 1,000 na data, jimla 3,000. Saura mata 6,000. Rumfa ɗaya ce, masu saye ɗaya ne, amsar dila kawai ta sauya hukuncin. Har ma tana iya rage cajin ƙasa da haka, idan ta yi hidimar gida da tsabar kuɗin da ke shigo mata ta bar na waya su tafi sari gaba ɗaya.

Don adalci, tsabar kuɗi ma tana da nata cajin da ba a rubutawa. Akwai lokacin da ake ɓatawa neman canji, da 'yar ragowar da kake yafewa don babu canjin. Akwai jabun kuɗi da yagaggu da dila zai ƙi karɓa. Akwai haɗarin komawa gida da kuɗin yini a jiki. Akwai kuma bashin "ba ni in kawo maka gobe, kuɗin hannuna bai kai ba", wanda transfa take toshe ƙofarsa. Idan waɗannan suna cin ka, ƙiyasta su ka ƙara a ɓangaren abin da za ka samu.

Mataki na huɗu: gwada sabis a inda kake zama

Gwajin da ka yi a gida da daddare ba ya gaya maka komai game da rumfarka. Zauna a kujerarka ta ciniki, a lokacin da kasuwa ta fi cika, ka sa wani ya turo maka ƙaramin kuɗi, ka duba minti nawa ya ɗauka kafin ka gan shi a asusunka. Yi haka da safe, da rana, da yamma, kwana uku ko huɗu, kuma daga bankuna ko kamfanoni daban-daban, domin turawa tsakanin asusun kamfani ɗaya takan fi sauri. Rumfunan da ke can ciki ƙarƙashin rufin kwano sukan sha wahalar sabis, kuma cunkoson jama'a yana danne layi.

Idan kuɗi suna bayyana cikin minti ɗaya ko biyu a mafi yawan gwaji, za ka iya aiki da shi. Idan sai ka fita bakin titi kafin ka duba asusu, to ka nemi layin wani kamfanin waya ka sake gwadawa. In duk haka ne, ka dakata. Kuma ka dubi yanayin cinikinka: mai sayar da abu mai tsada ga mutum ashirin a yini zai iya jiran minti biyu a kan kowa, amma mai sallamar mutum ɗari biyu da ƙananan kaya, layi zai taru ya watse. Irin wannan ya fi masa sauƙi ya sa iyaka, ya ce transfa sai daga kuɗi kaza zuwa sama.

Mataki na biyar: buɗe asusun kasuwa daban

Kada kuɗin ciniki su shiga asusun da kake hidimar iyali da shi. Tsabar kuɗi a akwati kana ganin tana raguwa, amma lamba a waya tana zarewa ba ka ji ba, sai ranar sari ka tarar jari ya yi giɓi. Asusu daban, da sunanka ko sunan shagonka, domin mai turawa ya ga sunan da ya dace kafin ya danna. Kada ka yi amfani da asusun yaron shago ko na maƙwabci. Ranar da aka samu saɓani, kuɗin na mai sunan ne a wurin banki.

Tambayi iyakar asusun. Yawancin asusun da ake buɗewa da lambar waya kawai suna da iyakar abin da za su riƙe da abin da za a tura a yini, sai ka kai katin shaida da sauran takardu a ɗaga maka matsayi. Mai takalman nan da za ta tura 400,000 ga dila, idan iyakarta ba ta kai haka ba, za ta gano ne a ranar da ta fi buƙata. Gyara wannan tun kafin ka fara. Sa wa wayar makulli, sa wa layin kansa lambar sirri, kuma lambar sirrin asusu ta tsaya a kanka kai kaɗai. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake yana neman ta, ko yana neman lambar da aka turo maka yanzu, ɓarawo ne. Idan layinka ya ɗauke haka kawai alhali na mutanen kusa da kai suna aiki, garzaya ka bincika, domin masu sace layi ta haka suke shiga asusu.

Mataki na shida: kafa dokar miƙa kaya

Doka ɗaya ce, kuma idan ba za ka iya riƙe ta ba gara kada ka fara. Kaya ba sa barin rumfa sai ka buɗe asusunka a wayarka ka ga kuɗin sun shiga. Gani ya kori ji. Rasit ɗin da mai saye ya nuna maka a wayarsa ba shaida ba ce, hoto ne da ake iya haɗawa cikin minti ɗaya. Saƙon alat ma ba shaida ba ne, domin ana iya turo saƙo mai kama da na banki, da sunan banki a samansa. Abin dubawa shi ne jerin shige da ficen kuɗi a manhajarka, ko ragowar kuɗinka ta USSD: adadin ya yi daidai, sunan mai turawa ya yi daidai, lokacin na yanzu ne. Ƙirga sifirai da kyau, 5,000 da 50,000 suna kama a idon mai sauri.

Mai alat na bogi yana da alamu. Yakan zo lokacin da kake cikin cunkoso, ba ya ja a ciniki sosai, yana zaɓar kayan da ke da sauƙin sayarwa, kuma yana hanzari, mota na jiransa. Da ka ce bari ka duba, sai ya fara fushi wai ka raina shi. Kada fushin ya motsa ka. Ka faɗa da murmushi tun kafin ya tura: "Ranka ya daɗe, dokar shagon ce, sai ya shigo muke ba da kaya, ko ɗan'uwana ne." Rubuta hakan a jikin allon da ke ɗauke da lambar asusun. Idan doka ta hau kowa, babu wanda zai ji an zarge shi.

Abin da ya fi wuya shi ne mutumin kirki da aka cire masa kuɗi amma ba su iso gare ka ba. Wannan yana faruwa, kuma ba laifinsa ba ne. Kuɗin suna iya isowa bayan wani lokaci, suna iya komawa asusunsa. Idan ka ba shi kaya suka koma masa, sai dai ka dogara da amanarsa. Abin yi shi ne ka ware kayan ka rubuta sunansa a jiki, ka karɓi lambar wayarsa da lambar shaidar turawar da ke kan rasit, ka ce da zarar sun shigo za ka kira shi. Kada ka matsa masa ya sake turawa nan take, don kada duka biyun su shigo a shiga rigimar mayarwa. Tsohon abokin ciniki da ka san gidansa, wannan kai za ka auna, amma ka sani bashi ka bayar, ka rubuta shi a shafin bashi.

Akwai kuma mai cewa ya turo fiye da kuɗin kaya bisa kuskure, ka ba shi ragowar a hannu, ko wanda zai kira ya ce kuɗinsa sun faɗo asusunka ka mayar masa ta wata lamba. Duba asusu tukuna. Idan babu kuɗin, magana ta ƙare. Idan akwai, a mayar ta hanyar banki ko kamfanin, zuwa asusun da suka fito, ba wani asusu dabam ba kuma ba a hannu ba.

Yaron shago shi ne ƙofar da aka fi shigowa ta ita. In ba ka nan, ko dai ya kira ka ka tabbatar kafin ya miƙa kaya, ko ka nemi irin asusun 'yan kasuwa da ke ba ma'aikaci damar ganin shigar kuɗi ba tare da ikon fitar da su ba. Ka kuma riƙa duba allon lambar asusun lokaci-lokaci, ka tabbata lambarka ce har yanzu a jiki.

Mataki na bakwai: gwajin wata ɗaya

Idan lissafi ya nuna riba, dila yana karɓa, sabis yana aiki, fara da wata ɗaya. A littafin ciniki raba shafi biyu, tsaba da waya, kuma kowane transfa ka rubuta sunan mai turawa da adadin. Kafin ka rufe rumfa kullum, haɗa jimlar shafin waya da abin da asusu ya nuna ya shigo. Minti biyar ne. Saɓanin da ka gano a ranar za ka tuna fuskar mai shi, wanda ka gano bayan mako uku ya tafi.

A ƙarshen wata, fitar da jimlar cajin da aka cire maka da gaske, ka kwatanta da ƙarin ribar da ka gani. Idan cajin ya fi yadda ka zata, duba ko cirewa kake yawan yi, domin a wurare da yawa cire kuɗi kaɗan-kaɗan sau goma ya fi cire su sau ɗaya tsada. Game da ɗora wa mai saye cajin, ka fara tambaya ko dokar kamfanin ta yarda, wasu sun hana. Ni dai na fi son a sa shi cikin farashi tun farko, domin ƙarin da aka ambata bayan an gama ciniki yana ɓata ran mutum fiye da ƙimarsa.

Wanda lissafinsa ya ce ya dakata, ya dakata, amma ina ba shi shawara ya buɗe asusun ya ajiye, ya riƙa motsa shi da ɗan abu don kada a rufe, ya koyi duba ragowar kuɗi har hannunsa ya saba. A watan Nuwamba na 2016 gwamnatin Indiya ta janye takardun kuɗinta na rupee 500 da 1,000 cikin dare ɗaya, kuma a farkon 2023 sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi na makonni a Najeriya. A irin wannan lokaci masu saye suna da kuɗi a asusu amma babu a hannu, kuma ɗan kasuwar da zai fara koyon transfa a tsakiyar rububin shi ne masu alat na bogi suka fi samu. Sannan wanda ya dakata ɗin ya sake ƙirgar nan ta mako biyu bayan wata uku ko shida, ko kuma duk ranar da dilansa ya ce ya fara karɓar transfa.